Jawabin Asambuli: Me Ya Sa Fabrairu Bai Kai Sauran Watanni Ba?

Assalamu alaikum. Shugabar makaranta, 'yan uwana malamai, ɗalibai, barkanmu da safiya. Na san akwai ɗan sanyi kuma da yawanku da azumi a baki, toh ba zan tsayar da ku da yawa ba, amma 'yan layin baya a yi shiru don Allah.

Ranar Juma'ar da ta wuce, 28 ga Fabrairu 2025, wata yarinya 'yar aji biyu ta tare ni a bakin ofishin malamai ta ce, "Malam, ni fa ranar 29 ga Fabrairu 2012 aka haife ni, gobe kuma an ce 1 ga Maris ne, ina ranata ta shiga?" Tambayar nan ta yi min daɗi sosai, har na roƙi a ba ni minti biyar na yau in amsa mata a gaban kowa, don na san akwai manya a nan da suke kallon kalanda kullum amma ba su taɓa tambaya ba.

Mu fara da bakinmu na Hausa. Abin da yake fitowa a sama da daddare sunansa wata, abin da muke ƙirgawa a kalanda shi ma wata, kuma ba haɗuwar banza ba ce, don mutanen da da shi suke lissafi. Daga tsayuwar jinjirin wata zuwa tsayuwar wani kwana 29 ne da rabi. Ba a yin rabin kwana a lissafi, shi ya sa watan Musulunci ko dai ya yi 29 ko ya cika 30. Idan ka jera irin wannan sau goma sha biyu za ka samu kwana 354.

Amma damina ba ruwanta da wata, rana take bi. Duniyarmu tana gama zagaye rana a kwana 365 da kusan awa shida, kuma wannan zagayen shi ne yake kawo mana hunturu da bazara da damina, shi manomin dankali a Bokkos ko Mangu yake jira kafin ya sa iri a ƙasa. Toh kun ga inda gizo ke saƙa. Watanni goma sha biyu su ne suka fi kusa da cika shekarar rana, sha uku sun yi yawa, amma sha biyun ma ba su cika ba, saura kwana 11. Kuna ganin wannan giɓin da idonku: bara, 2024, mun ɗauki azumi 11 ga Maris, bana, 2025, 1 ga Maris. 'Yan uwanmu Kirista ma Istarsu tana yawo, bara 31 ga Maris, bana sai 20 ga Afrilu, saboda ita ma akwai lissafin wata a cikinta.

Yanzu masu son lissafi, ku raba 365 gida 12. Kowane gida zai samu 30, biyar su yi saura. Ko wa aka ba aikin nan dole ya nemi inda zai kai kwana biyar ɗin. Mutanen Masar na da sun yi abu mai sauƙi, kowane wata 30, sai su ajiye biyar ɗin a ƙarshen shekara. Habasha har yau haka suke yi, suna da ɗan ƙaramin wata na 13 mai kwana biyar ko shida. Ni a ganina nasu ya fi tsari, amma ba shi muka gada ba. Wanda Turawa suka kawo mana na Rumawa ne, shi kuma gyara ne a kan gyara kamar tsohuwar riga mai faci.

Yadda Rumawa suke ba da labarinsu, da can watanni goma kawai gare su, shekara tana farawa daga Maris, lokacin sanyi kuma ba sa ma ba shi sunan wata. Shaidar tana nan a bakinku kullum. Satumba a yarensu daga bakwai aka ciro sunan, Oktoba takwas, Nuwamba tara, Disamba goma, ga shi yau Disamba ce ta 12. Daga baya, sun ce wani sarkinsu Numa ya ƙaro Janairu da Fabrairu. Su kuma suna da camfi cewa lambar da take rabuwa biyu daidai ba ta da sa'a, sai suka ba watanni huɗu kwana 31, bakwai kwana 29, Fabrairu kaɗai aka bari da 28, shi ne watan da suke tsarkake gari da tuna mamatansu. Duka ya kama 355.

Har yanzu akwai giɓin kwana goma ko? Toh sai aka ce manyan malaman addininsu su riƙa cusa ƙarin wata lokaci-lokaci, su kuma 'yan siyasa ne, wani lokaci su ƙara don nasu ya daɗe a kujera wani lokaci su ƙi ƙarawa, ga yaƙe-yaƙe, har kalanda ta tsere wa yanayi da kusan wata uku. Ku ɗauka a ce kalanda ta nuna Disamba, kun fito da rigunan sanyi, amma ruwan Satumba ake zubawa a Jos.

Shugaban Rumawa Juliyas Siza ne ya gyara, a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa, da taimakon wani masanin taurari daga Iskandariya ta Masar. Sai da ya ja wannan shekarar ta kai kwana 445 don komai ya koma wurinsa. Sannan ya ɗauko kwana goman nan ya raba: Janairu, Agusta da Disamba ya ba su bibbiyu suka zama 31, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba ɗai-ɗai suka zama 30, masu 31 tun asali ya bar su yadda suke, Fabrairu ma bai taɓa shi ba. Ku lissafa, bakwai masu 31, huɗu masu 30, ɗaya mai 28, ya ba ku 365 cif. Yuli sunan Juliyas ne, Agusta kuma sunan magajinsa Agustus. Za ku ji ana cewa wai Agustus ya sato kwana ɗaya daga Fabrairu don kar watansa ya gaza na Juliyas, kar ku rubuta min wannan a jarrabawa, Agusta ya riga ya zama 31 tun gyaran Siza.

Saura awa shidan nan. Shida sau huɗu 24 ne, kwana guda kenan, shi ake tarawa a ba Fabrairu duk shekara huɗu. Sai dai ba shida ce cif ba, ta gaza da wajen minti 11, kuma kar ku raina minti 11, a hankali suka taru suka zama kwana goma. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sa aka tsallake su, mutane suka kwanta 4 ga Oktoba suka tashi 15 ga Oktoba. Ya kuma sa dokar cewa shekarar da ta cika ƙarni ba ta samun ƙarin kwana sai in tana rabuwa da 400, shi ya sa 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba.

Toh 'yata, ranarki ba ɓata ta yi ba, ana tara miki ita ne awa shida-shida. Kin gan ta a 2016, 2020 da 2024, za ki sake ganinta a 2028 in Allah ya kai mu.

Kafin ku tafi kowa ya dunƙule hannunsa. Tudun ƙashin farko Janairu, kwarin da ke gefensa Fabrairu, tudu Maris, kwari Afrilu, ku ci gaba har Yuli a tudun ƙarshe, sai ku dawo tudun farko ku ce Agusta. Duk wanda ya faɗa a tudu 31 ne, na kwari 30, banda Fabrairu. 'Yan aji ɗaya zan tambaye ku wannan bayan tara, ku gwada a hanya. Na gode, a wuce aji a layi, ba gudu.