Saƙonni uku bayan cinikin atamfa

Ranar Asabar:
Assalamu alaikum Hajiya. Mai Keke Napep ya ce ya sauke atamfarki turmi uku a Gwammaja. Ki warware ki duba, in akwai tabo ko yaga, mu canza miki yau kafin a tashi daga Kwari.

Bayan mako biyu:
Hajiya, barka da war haka. Tela ya gama? Wankin farko a yi da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, shuɗiyar nan ba ta son rana. In ta yi miki, turo hoto da 'yar magana, mu sa a status in kin yarda.

Kafin azumi:
Hajiya, sabon leshi ya sauka, na ware miki kala biyu kafin 'yan sari su wawashe. Duk wadda kika turo, mu rage mata ₦1,000, ke ma haka a cinikinki na gaba. A gaida Alhaji.