Tsarin Tafiyata Kigali, Kwana Biyar

Yaya, ga tsarin tafiyar da zan yi ni kaɗai zuwa Kigali, babban birnin Ruwanda, wanda Baba ya ce sai ya gani a rubuce kafin ya sa albarka. Don Allah ki karanta masa bayan la'asar, ya fi sauraron ki.

Kigali na zaɓa saboda ɗan Najeriya ba ya neman bizar Ruwanda tun daga gida, a filin jirgi ake buga masa izinin kwana 30. Zan tafi a makon farko na Yuli, lokacin raninsu ne. Fasfo da katin rigakafin shawara suna hannu. Sun hana ledar cefane tun 2008, don haka kilishin guzuri a takarda zan naɗe.

Doka ɗaya na kafa wa kaina: magariba ta same ni a masauki. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida a can, biyar kenan a agogonku, a lokacin zan riƙa kiran ku kullum. Otal ɗin da na kama yana da mai karɓar baƙi dare da rana, su ne ma za su turo mota ta ɗauko ni ranar Litinin. Acaɓa ya cika garin, kowa da hular kwano, amma ni tasi zan hau.

Talata ce ranar da na fi ɗoki. Unguwar Nyamirambo ta Musulmi ce da yawa, ga masallatai ga abincin halal, mai hijabi ba abin kallo ba ce. Akwai cibiyar mata a can da ke zagayawa da baƙi a ƙafa da safe, cikin ayari, a leƙa shagunan ɗinki da wuraren shan madara, a ƙare da cin abincin rana a gidan wata daga cikinsu. Kin ga ni kaɗai ɗin ma ba ni kaɗai ba ce.

Laraba da hantsi zan je Gisozi, wurin tunawa da kisan ƙare dangi na 1994, inda aka binne sama da mutum 250,000. Ban haɗa ranar da komai ba, wuri irin wannan ba a fitowa daga cikinsa a wuce sayayya.

Alhamis kasuwar Kimironko. A nan za ki zaɓi atamfa, tela na gefe ya auna ki ya ɗinka kina cikin kasuwar. Zan sayo wa Umma kwandon saƙa mai murfi mai tsini, ke kuma ki faɗi naki tun da wuri. Juma'a da safe ɗan yawo a lambun Nyandungu, sai haɗa kaya, Asabar in sha Allah ina Abuja.

Lambar otal da hoton tikiti na tura miki jiya. Ki ba ni aron farar rigar sanyinki, garin kan tuddai yake, da sassafe akwai sanyi.