Takardar Hutun Rashin Lafiya da Shaidar Komawa Aiki

Bayanan ɗakin likita, Litinin 8 ga Satumba 2025. Kati lamba 04417. Namiji, shekara 41, kilo 70, direban babbar mota. Zazzaɓi tun Asabar, amai, jiri, ba ya iya zama sai an riƙe shi. Zafin jiki 39.4. Gwajin jini: maleriya, yawan jini kashi 27. A kwantar. Allurar atesunet miligiram 168 ta jijiya yanzu, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan ƙwayoyi kwana 3.

Takarda ta farko, 8 ga Satumba 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Ma'aikata,

Assalamu alaikum. Ina shaida cewa na duba ma'aikacinku mai kati lamba 04417, wanda sunansa ke jikin katin da aka haɗa da wannan takarda. Na same shi da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ƙarancin jini, an kuma ba shi gado. Da yardarsa na ambaci ciwon.

Ba zai iya aiki ba daga 8 zuwa 15 ga Satumba, kwana 8. Ya ce tun Asabar 6 ga wata yake kwance a gida. Abin da na gani bai saɓa wa maganarsa ba, amma shaidata daga ranar da na gan shi ta fara.

Likitan Sashen Maza

Takarda ta biyu, 15 ga Satumba 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Ma'aikata,

Assalamu alaikum. An sallami ma'aikacinku mai kati lamba 04417 daga asibiti ranar 10 ga wata, ya kuma shanye maganinsa. Yau zafin jikinsa 36.8, ba a ga ƙwayar cutar a madubin awo ba, jini ya hau zuwa kashi 31.

Zai iya komawa aiki Talata 16 ga Satumba, da sharaɗi. Har zuwa 29 ga wata kada a ba shi doguwar tafiya, ko tuƙin dare, ko lodi. Jininsa bai gama cika ba, yana ɗan ganin jiri in ya miƙe da sauri, kuma direban da ke da kaya a bayansa ba wurin gwada sa'a ba ne. Aikin gareji ko na ofis, da rana, ba laifi.

A sake shi ya zo awon jini ranar 22 da 29 ga wata, domin allurar atesunet da aka yi masa kan sa jinin wasu ya sake sauka mako ɗaya zuwa uku bayan an yi ta. In fitsarinsa ya yi duhu, ko ido ya yi rawaya, ko zazzaɓi ya dawo, ya taho a ranar, kada ya jira.

In asibitin kamfaninku ya yi masa gwajin tsinke na gaggawa, yana iya nuna maleriya har wasu makonni bayan warkewa. Wannan kaɗai ba dalilin dakatar da shi ba ne. Cutar kuma ba ta yaɗuwa ta cuɗanya da abokan aiki. Shaidar komawa cikakken tuƙi za ta biyo bayan awon 29 ga wata.

Likitan Sashen Maza