Na karanta saƙonki, ƙanwata

Ƙanwata,

Na karanta saƙonki har ƙarshe, na sake komawa farko. Ƙarfe 3 na dare kika turo shi, kowa na barci ke idonki biyu. Na gode da kika faɗa min. Na san ba ƙaramin abu ba ne kafin ki iya rubuta shi.

Inda kika ce kikan shiga banɗaki ki buɗe famfo don kada mijinki ya ji kukanki, ki wanke fuska ki fito kina murmushi, wajen ya tsaya min a rai. Wata 4 kina haka ke kaɗai. Dole ki gaji.

Kin ce in jaririyar ta yi kuka kina ɗaukarta, ki shayar da ita, amma zuciyarki wayam, sai ki ji kamar ke ba uwar kirki ba ce. Na yarda haka kike ji, ba zan yi miki musu ba. Ni dai abin da nake gani shi ne mace da ba ta barci, abinci ba ya mata daɗi, amma duk dare tana tashi saboda 'yarta. Masu cewa butulci ne ko raunin imani ba su san abin da ke cikin ƙirjinki ba. Ciwon damuwa na bayan haihuwa ciwo ne da likitoci suka sani, yana kama fiye da mace 1 cikin 10 da suka haihu, kuma ba ke kika jawo wa kanki ba.

Akwai magana ɗaya da ba zan tsallake ba. Kin rubuta cewa da ba kya nan, da kowa ya huta. Tunanin kashe kanki yana zo miki ne? Ki faɗa min gaskiya. Ba zan yi miki faɗa ba, ba zan kuma guje ki ba. In har yana zuwa, ki kira ni nan take, ko tsakar dare ne, zan taho mu nemi taimakon likita tare.

Gobe da yamma ina nan tafe, in kin amince. Kada ki share ɗaki, kada ki yi min girki. Zan riƙe yarinyar ki kwanta, ko mu zauna ki yi magana, ko ki yi kukanki a gabana. In kuma shiru kike so, mu yi shiru. Ranar da kika ji kina son zuwa asibiti, ni zan raka ki.

Ba sai kin ba ni doguwar amsa ba. Ki rubuto "zo" kawai, ya ishe ni.

Yayarki