Wunin Karen Kasuwar Sabon Gari

Tun kafin kiran assalatu, lokacin da kasuwar Sabon Garin Zariya ba ta farka ba, nakan fito daga ƙarƙashin teburin mai tumatir in bi hancina zuwa layin mahauta, domin ƙamshin jinin jiya yana nan a jikin ƙasa. Ban san fuskokin mutane sosai ba; ƙafafunsu da warinsu na sani. Akwai wani mahauci mai ƙamshin kitse da hayaƙi, wanda idan ya ce "Kai, ungo!" sai ƙashi ya faɗo gabana. Yaran da ke duƙawa ƙasa kuwa, dutse suke ɗauka, saboda haka nake gudu. Da rana ta take, sai in kwanta bayan buhunan masara, ƙudaje suna cin gyambon kunnena har la'asar.