Yadda za ku karanta takardar magani kafin ku ba mara lafiya

Wannan bayani ne daga ɗakin ba da magani zuwa ga iyaye mata da masu jinya da duk wanda aka aiko karɓar magani. Ku karanta shi, in da hali ku karanta wa wanda bai iya karatu ba. A layinmu kullum muna ganin mutum ya karɓi leda cike da magani, ya yi godiya ya tafi, sai ya isa gida sannan ya fara tambayar maƙwabta yadda ake sha. Ba laifinsa ba ne, domin likitoci suna rubutu da gajerun haruffa waɗanda yawancinsu daga Latin aka ɗauko su, kuma ba a koyar da su a makarantar kowa. Amma ba su da yawa, kuma ba su da wuyar riƙewa.

Kowane layi a takardar likita yana amsa tambaya huɗu: wane magani ne kuma mene ne ƙarfinsa, nawa za a sha a lokaci guda, sau nawa a rana, kwana nawa. Ga misalin abin da za a iya rubuta wa yaro ɗan shekara uku mai zazzaɓi da ciwon kunne:

```
Susp Amoxicillin 250mg/5ml   5ml tds x 5/7
Syr Paracetamol 120mg/5ml    7.5ml qds prn
```

Kafin komai, ku duba sunan da ke saman takardar ko a jikin ambulan. Idan an kai yara biyu asibiti rana ɗaya, ledojin kan cakuɗe, kuma awon ɗan shekara bakwai ba na jariri ba ne.

Kalmar farko tana faɗin siffar maganin. Tab ƙwaya ce, Cap kafso, Syr da Susp maganin ruwa, Inj allura, Gutt ko gtt na ɗigawa. Wanda aka rubuta Susp yana kwantawa a gindin kwalba, don haka sai an girgiza sosai kowane lokaci kafin a auna. In ba a girgiza ba, kwanakin farko yaro ruwa yake sha, na ƙarshe kuma ya sha mai kauri fiye da kima.

Inda aka fi ruɗewa shi ne ƙarfin magani, kuma a nan nake so ku tsaya da kyau. Lambar 250mg/5ml ba umarnin sha ba ce. Tana gaya muku cewa a cikin kowane mililita 5 na ruwan akwai miligiram 250 na magani. Umarnin shi ne lambar da ke biye, wato 5ml. Wannan maganin yana zuwa da ƙarfi fiye da ɗaya a kasuwa, akwai 125mg/5ml, akwai 250mg/5ml, kuma kwalaben kan yi kama. Idan likita ya rubuta na 250 aka sayar muku da na 125, kuka ci gaba da ba da mililita 5, to rabin magani yaron yake samu. Ciwon zai ƙi tafiya, a ce maganin ba shi da kyau, alhali awo ne ya gaza. In kuma akasin haka ya faru, an ninka masa. Saboda haka ku ɗora kwalba a kan takarda ku gwada lambobin biyu tun kuna gaban kanta. Idan sun saɓa, ku nemi a sake lissafa muku awon a rubuta a jikin kwalbar.

Haka abin yake a maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka haɗa atimita da lumefantirin. Akwai mai lamba 20/120, wanda babba yake shan ƙwaya huɗu a lokaci guda, akwai mai lamba 80/480, wanda ƙwaya ɗaya ce tak a lokaci guda. Wanda ya saba da huɗu, aka ba shi mai ƙarfin ya sha huɗu, ya sha awon sau huɗu a zama ɗaya. Shi wannan magani sau shida ake sha cikin kwana uku: na farko, sai na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma na kwana biyu. Yana kuma son abinci mai ɗan maiƙo ko madara, don da shi hanji yake tsotse shi sosai.

Ma'aunai ma suna da bambanci. Harafin g giram ne, mg miligiram, mcg maikirogiram, ml mililita. Giram ɗaya miligiram 1000 ne, shi ya sa idan an rubuta wa babba farasitamol 1g, ana nufin ƙwaya biyu masu miligiram 500. Miligiram ɗaya kuma maikirogiram 1000 ne, don haka mg da mcg ba abin da za a yi wa kallon sama-sama ba ne. Wani likitan ba ya rubuta 1 ko 2, sai ya sa i ko ii ko iii, ma'ana ƙwaya ɗaya, biyu, uku. Allurar insulin ta masu ciwon suga kuwa da yunit ake auna ta, da sirinjinta na musamman, ba da sirinjin da aka ga dama ba.

Game da cokali, roƙona shi ne a bar cokulan kicin. Idan an ce ƙaramin cokali, mililita 5 ake nufi, babban cokali kuma 15, amma cokulan gidajenmu kowanne da girmansa. Ku yi amfani da ɗan kofin da ke kan murfin kwalbar, ko ku sayi sirinji ku cire allurar. Ku ɗaga shi daidai ido ku duba layin. Ga jariri, a zuba a hankali ta gefen kumatu, kada a toshe masa hanci a yi masa ɗura, domin maganin na iya bin hanyar numfashi.

Sai sau nawa a rana. Idan kun ga od ko dly, sau ɗaya ne a rana. Idan bd ne ko bid, sau biyu. Idan tds ne ko tid, sau uku. Idan qds ne ko qid, sau huɗu. Kalmar mane safe ce, nocte dare lokacin kwanciya, stat kuma a sha yanzu, sau ɗaya. Wani lokaci za a rubuta 8 hrly ko q8h, wato duk bayan awa 8. A jikin ambulan kuma kukan ga 1-0-1, wato ɗaya da safe, babu da rana, ɗaya da dare, ko 2-2-2, biyu sau uku. A takardar asibitin ido kaɗai ku yi hattara da OD, domin a can tana iya nufin idon dama, OS na hagu, OU duka biyu.

Sau uku a rana ba ya nufin a sha da karin kumallo, a sha da hantsi, a sha da la'asar, a huta har gobe. Ana so maganin ya zauna a jini ba yankewa, musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka a raba awa 24 gida uku. Hanya mai sauƙi ita ce ƙarfe shida na safe bayan an dawo daga sallar asuba, ƙarfe biyu lokacin azahar, da ƙarfe goma na dare. Mai sau biyu, a sa awa 12 a tsakani, bakwai na safe da bakwai na yamma. A watan azumi kada ku tattara na sau uku ku sha tsakanin buɗa-baki da sahur da ra'ayin kanku. Ku zo kafin watan ya kama, sau da yawa ana iya canza muku zuwa wanda ake sha sau ɗaya ko biyu, masu ciwon suga kuwa dole a sake duba musu awo gaba ɗaya.

A layi na biyu na misalin akwai prn. Ma'anarta a sha idan buƙata ta taso. Wato in jikin yaron ya yi zafi ko kunnen ya dame shi a ba shi mililita 7.5, in ya samu sauƙi a bari. Amma qds da ke gefenta iyaka ce: kada a wuce sau huɗu a awa 24, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Ga babba, iyakar farasitamol giram 4 ce a rana, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500. Wuce haka yana lalata hanta, kuma illar ba ta nunawa a ranar farko. Ku tuna cewa yawancin magungunan mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi a ciki, don haka ku karanta abin da aka haɗa kafin ku ƙara wani a kai.

Kwanaki kuma a asibitocin Najeriya da salon kashi ake rubuta su. Bakwai a ƙasa kwanaki ne, 52 makonni, 12 watanni. Don haka 5/7 kwana biyar ne, 2/52 mako biyu, 1/12 wata guda. Idan an ce kwana biyar, a cika biyar ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Maganin hawan jini da aka rubuta 1/12 kuwa ba yana nufin an warke bayan wata ba, yana nufin a dawo a sake awo a karɓi wani kafin wannan ya ƙare. Akwai kuma magungunan da sau ɗaya ake sha a mako, irin su metotireksat da ake ba wasu masu ciwon gaɓoɓi, kuma shan sa kullum yana iya kisa. Duk inda kuka ga weekly, ku rubuta ranar da manyan baƙaƙe a jikin kwalin.

Sauran gajerun kalmomin kaɗan ne. Ta abinci: ac kafin a ci, pc bayan an ci. Ta hanyar shiga jiki: po ta baki, sl a ƙarƙashin harshe, pr ta dubura, pv ta gaban mace, IM allurar tsoka, IV ta jijiya. Ƙwayar da aka ƙara wa SR ko XL ko Retard a bayan sunanta an yi ta ne ta narke sannu a hankali, don haka ba a daka ta, ba a tauna ta. Idan Baba ko Inna ba sa iya haɗiyewa, ku faɗa mana a nemo wata siffar.

'Yan'uwanmu da ke karɓo takarda daga Maraɗi ko Damagaram za su gan ta da Faransanci. A can cp ƙwaya ce, matin safe, midi rana, soir yamma, 3 fois par jour sau uku a rana, pendant 7 jours kwana bakwai, càc ƙaramin cokali, càs babba.

A jikin kwali ku duba EXP, ranar da maganin zai daina aiki. Idan an rubuta wata da shekara kawai, yana aiki har ƙarshen wannan watan. Kada ku ɗauke ta a matsayin MFG, wadda ita ce ranar da aka yi shi. Ku duba lambar rajistar NAFDAC. Maganin gari da ake zuba wa ruwa kuwa, da zarar an haɗa shi ranar kwalin ta daina aiki a kansa, yawanci mako ɗaya ne zuwa biyu, wasu kuma sai a firji. A haɗa da ruwan da aka tafasa ya huce, a tsaya daidai layin kwalbar.

Idan an manta lokaci, a sha da zarar an tuna. In lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda ya wuce, kada a haɗa biyu. Idan bayan shan magani aka ga ƙuraje sun feso, ko leɓe da fuska sun kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a dakatar da shi a garzaya asibiti da kwalin a hannu.

Kafin ku bar tagarmu, za mu nemi ku maimaita mana da bakinku, da Hausa: wannan na wane ne, nawa, ƙarfe nawa, kwana nawa. Ko layi ya yi tsawo kada ku ji nauyi. Mai ciki, mai shayarwa, da wanda yake shan wani magani na asibiti ko na gargajiya, ya faɗa mana a lokacin, kafin mu rufe ledar.