Me ya sa teku ke cika ya janye sau biyu a rana?

Ɗalibaina, ga bayanin da na yi muku alkawari kafin fitarmu bakin teku a Badagry ranar Asabar.

Wata ne babban dalili. Yana da nisan kusan kilomita 384,400 daga gare mu, duk da haka yana jan duniya da duk abin da ke kanta. Ruwan da ke ɓangaren da ke fuskantarsa sai ya taru ya yi tozo. Wannan kowa yana ganewa da sauri.

Inda ake ruɗewa shi ne cika ta biyu, kuma a nan nake so ku nutsu. Jan wata yana raguwa da nisa. Ruwan da ke kusa da shi ya fi shan ja, tsakiyar duniya na biye, ruwan can baya kuwa kaɗan yake samu. Ku ɗauka motoci uku sun tashi a jere, ta gaba ta fi gudu, ta baya ta fi nawa. Fasinjan ta tsakiya zai ga ta gaba tana tsere masa, ya waiga ya ga ta baya ma tana yin nisa. Haka ruwan baya yake: an bar shi ne a baya, sai shi ma ya yi tozo. Isaac Newton ne ya fara warware wannan a 1687, kuma har yau nakan ji daɗin yadda bambancin ja kawai ya isa ya bayyana abin.

To, tozo biyu ke nan, duniya kuma tana juyawa. Kowace gaɓa takan shiga tozo, ta fita, ta shiga na biyu, ta fita. Amma da yake wata ma tafiya yake, sai duniya ta ƙara kusan minti 50 a kan awa 24 kafin ta cim masa. Shi ya sa tsakanin cika da cika akwai awa 12 da minti 25, kuma cikar gobe takan makara.

Rana ma tana ja, sai dai tasirinta bai kai rabin na wata ba. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu sukan haɗa ƙarfi, ruwa ya cika sosai ya kuma janye sosai. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, motsin yakan yi sauƙi.

Siffar gaɓa da zurfin ruwa suna sauya lissafin. A Legas bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa kusan mita ɗaya ne, a mashigin Fundy na Kanada yakan kai mita 16, wasu gaɓoɓin Tekun Meziko kuma sau ɗaya suke cika a rana.

Ranar Asabar kowa ya zo da sanda. Za mu kafa a iyakar jiƙaƙƙen yashi da isarmu, mu dawo bayan awa shida mu auna. Kada kowa ya shiga ruwa, igiyar wurin tana da ƙarfi.